Akushin Kaka a Gaban Jama'a

Ranar da gari ya baje kolin kayan gida na dā, mai kula da kayan yakan miƙe gaban jama'a ba shi da ko ludayi ɗaya nasa. Gidan Makama na Kano yana da kayansa a ajiye, amma shi wannan, duk abin da ke gabansa aro ne: tasa da kumbo daga jeren wata Hajiya, adudu daga wancan gida, mazari daga wannan. Shi ya sa nake ganin, da zarar ya gaida hakimi da manyan baƙi, sauran jawabin na masu kayan ne, kuma maganar amana ce.

A ɗauki akushi guda, baƙi wuluk, mai tsaga a baki. Kafin ya iso zauren an ba shi lamba, an ɗauke shi hoto ciki da baya, an auna tsagar an rubuta, sannan mai shi da mai karɓa suka sa hannu a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ya kamata mai jawabi ya faɗi wannan a bainar jama'a, har da ranar mayarwa, domin tsoron tsohuwar da ta bayar ɗaya ne: kada kayan uwarta su bi dare.

Sai ya bayyana abin da ya sa ba a wanke shi ba. Baƙi sukan zaci sakaci ne. Ruwa yana kumbura tsohon itace, in ya bushe tsagar ta ƙara buɗewa. Haka kuma tasa, in aka dirje ta da toka da lemon tsami, zanen maƙerin ne ke shafewa a hankali. Buroshi mai laushi ya isa. In kuwa aka ga garin itace yana zuba a ƙarƙashin akushin, ƙwaro na ciki da ransa, sai a ware shi kafin ya kama maƙwabtansa.

Wuri mafi wuya shi ne shekaru. Masu shi za su ce ya haura shekara 200. Mai kula da kayan ba ya ƙaryata su a taro, ba ya kuma maimaitawa kamar ya tabbatar. Yakan ƙirga hannuwa: daga kaka zuwa uwa zuwa 'ya, in aka ba kowace shekara 25 zuwa 30, an sami 75 zuwa 90. Sai ya ce kakar Hajiya ce ta zo da shi ɗakin aure, kuma in ji gidan, ita ma gadonsa ta yi.

Minti 10 sun ishe shi. Daga nan ya roƙi jama'a kada a taɓa, ya kira Hajiyar ta faɗi tuwon wa ake zubawa a ciki.