Baki Shi Ke Yanka Wuya: Sarkin Ferrara Ya Tona Kansa

Akwai irin waƙar da mutum ɗaya ke magana, mai saurarensa ya yi shiru, mu kuma muna laɓe muna ji. Bari mu duba "My Last Duchess" ta Robert Browning, mawaƙin Ingila, wadda ta fito a 1842.

Sarkin Ferrara, a ƙasar Italiya, yana nuna wa baƙonsa hoton marigayiya matarsa. Nufinsa a san girmansa. To, mu auna laifin da ya ɗora mata. Wai tana yi wa kowa murmushi, kuma faɗuwar rana tana faranta mata rai kamar yadda sunan gidansu mai shekara 900 ke yi. Ya kawo ƙararta, sai muka ji shaidar kirkinta da zafin kishinsa.

Sa'an nan mu lura da inda ya yi sauri. Ya daɗe kan murmushin, amma cikin kalmomi kaɗan ya ambaci umurnin da ya kawo ƙarshensa. Waƙar ba ta ce kisa ba, mu ne muka hango.

Sai a ƙarshe muka gane baƙon: wakilin gidan da zai auro sabuwar amarya ne. Suɓutar baki ce, ko gargaɗi ne yake aika wa yarinyar? Masana sun rabu a nan. Ko wanne ne, mu mun gani: matar da ya kasa juya ta da rai, ya rufe hotonta da labule, ba mai yaye shi sai shi kaɗai.