Kafin Ka Ce wa Yaya Ya Sayo Maka Kwamfutar Wasa

Yawancin saƙon da ake tura wa 'yan'uwa a ƙasar waje bai wuce layi ɗaya ba: "Don Allah a sayo mini laftof ta wasa mai kyau." Sai ɗan'uwan ya shiga kanti, ya ga wata mai fitilu kala-kala, ya biya. Sai ta iso gida a tarar wasan ƙwallo ma da ƙyar take jansa, kuma ba damar mayarwa. Maganin wannan shi ne saƙon da ko wanda bai san kwamfuta ba zai iya miƙa wa mai kanti ya karanta.

Abin da za a fara rubutawa shi ne katin hoto, wanda ake rubuta shi GPU, domin shi ke zana duk abin da ake gani a wasa. A kusan kowace laftof a like yake da allon cikinta, ba a canza shi. Wanda ya yi kuskure a nan, sai dai ya sake sayen wata kwamfutar. Ga mai matsakaicin ƙarfi, RTX 4060 mai ma'adanar hoto ta 8GB ya isa ya ja yawancin wasannin zamani. RTX 4050 kuwa 6GB gare shi, kuma manyan wasanni sun fara yi masa nauyi.

Sai dai suna kaɗai ba ya wadatarwa. Kwamfutoci biyu za su iya ɗaukar RTX 4060 iri ɗaya, amma ɗaya ta ba shi wutar da ba ta wuce wat 45 ba, ɗayar ta ba shi sama da wat 100. Ta farkon takan zama siririya mai ban sha'awa, amma ta biyun za ta fi ta gudu sosai. Ana samun wannan adadi a bayanin kwamfutar, a inda aka rubuta TGP. Mai kauri kuma ta fi fitar da zafi, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai yi wasa a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, domin kwamfuta idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu.

RAM da SSD suna da sauƙi, tunda a yawancin irin waɗannan kwamfutoci ana iya ƙara su daga baya. Idan kuɗi ya gaza, a nan za a sassauta, ba a katin hoto ba. Ga yadda saƙon zai kasance ga yayan da ke Birtaniya:

"Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya aiki, ya sanyi? Game da kwamfutar nan, ga abin da za ka nuna wa mai kanti. Katin hoto RTX 4060 na 8GB, TGP kada ya gaza wat 100. RAM 16GB, irin wanda ake iya cirewa a ƙara. SSD 1TB, idan ya yi tsada 512GB ma ya yi, muddin akwai gurbin saka na biyu. Intel Core i5 ko Ryzen 5 zuwa sama, amma lambarsa ta ƙare da H, HS ko HX, ba U ba. Fuska inci 15.6 mai 144Hz. Don Allah kafin ka biya ka ɗauko mini hoton cikakkiyar lambar samfurin. Idan kuɗin ya haura abin da muka yi magana, ka kira ni tukuna. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi."

Harafin U da aka ce a guje wa alama ce ta injin da aka yi don tattalin batir, ba don aiki mai nauyi ba.

Ƙasar da za a sayo ta ma tana da tasiri. Filogin Birtaniya iri ɗaya ne da na Najeriya, na Amurka kuwa sai an nemi abin haɗi, kuma a duba jikin cajar a ga an rubuta 100-240V. Allon rubutu na Faransa AZERTY ne, zai yi wa ɗan Nijar daidai amma zai rikita ɗan Najeriya da ya saba da QWERTY. Garanti sau da yawa a ƙasar da aka saya kawai yake aiki, don haka a roƙi ɗan'uwan ya kunna ta, ya gwada fuska da maɓallai da fanka tun yana da damar mayarwa. Ranar tafiya kuma a riƙo ta a jakar hannu tare da rasit da cajarta ta asali, domin cajar waɗannan kwamfutoci takan kai wat 200, kuma ƙaramar caja ba za ta ba ta cikakken ƙarfinta ba.