"Duk na sama" da "babu ko ɗaya": yadda ɗalibi zai bi da su a jarrabawar zaɓi

Duk wanda ya taɓa zama da yaran zango suna bitar tambayoyi kafin BECE ko WASSCE, a Nima ne ko a Aboabo, ya san inda fensirinsu yake tsayawa. Yaro zai karanta A, B da C ba gargada, amma da ya iso D ya ga an rubuta da Turanci cewa duk amsoshin sama daidai ne, ko kuma babu ko ɗaya da ke daidai, sai ya fara zare ido. Wasu suna cewa ai malami ba ya sa "duk na sama" sai idan ita ce amsa. Wasu kuma sun ɗauke ta tarko, ba sa ko kallonta. Dukkansu caca suke yi, alhali abin yana da lissafinsa.

Abin da za a fara ganewa shi ne, waɗannan zaɓuɓɓuka biyu ba su ɗauke da wani bayani nasu na kansu. Hukunci suke yankewa a kan sauran ukun. Don haka kada ka tambayi kanka ko D ta yi kama da amsa. Ka bi A, B da C ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowace alama a gefen takardar tambaya: gaskiya, ƙarya, ko ban sani ba. Daga nan ƙirga ce kawai.

Ga misali. An ce: wace ƙasa ce ke da iyaka da Ghana? A, Togo. B, Burkina Faso. C, Kwaddibuwa. D, duk na sama. Yarinyar da ta tashi a Bawku ta san Togo da Burkina Faso duk maƙwabta ne, don mutanensu suna cin kasuwa tare da iyayenta. A ce ba ta da tabbas game da Kwaddibuwa. To, ba ta ma buƙatar sani. Amsa ɗaya tak aka yarda a zaɓa. Idan ta ɗauki A ta bar B wadda ita ma gaskiya ce, idan ta ɗauki B ta bar A. Wurin da zai ɗauke su duka biyun shi ne D. Ke nan a tambaya mai zaɓi huɗu, gaskiya biyu da ka tabbatar sun isa su kai ka ga "duk na sama".

Ƙarya ɗaya kuwa ta isa ta kashe ta. A ce tambayar nan ce dai, amma zaɓin ya koma A, Togo, B, Nijar, C, Benin, D, duk na sama. Wanda ya san cewa daga Nijar ba a shigowa Ghana sai an ratsa wata ƙasa, ya soke B, kuma a take D ta faɗi tare da ita. Saura A da C. Ko da canka zai yi, damarsa ta tashi daga ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin biyu. Amsar dai Togo ce, domin ita ce ta shiga tsakanin Ghana da Benin.

Kuskuren da aka fi yi a nan gaggawa ce. Yaro ya karanta A, ya ga gaskiya ce, ya cike gurbinta ya wuce, bai ko leƙa ƙasa ba. Gaskiya ɗaya ba ta isa hukunci ba matuƙar akwai "duk na sama" a jerin.

Ita kuwa "babu ko ɗaya" ta fi tsada. Gaskiya ɗaya tana kore ta nan take, amma kafin ka zaɓe ta sai ka kayar da ukun duka. Ɗauki wannan: wane gari ne hedikwatar yankin Arewa? A, Wa. B, Bolgatanga. C, Damongo. D, babu ko ɗaya. Wa hedikwatar yankin Upper West ce, Bolgatanga ta Upper East. Mai soke waɗannan biyu ya tsaya, bai gama aiki ba, domin Damongo na nan. Sai ya tuna cewa Damongo hedikwatar yankin Savannah ce, wanda aka yanko daga yankin Arewa a 2019, sannan D ta tabbata. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rufe zaɓuɓɓukan da hannu ka amsa da kanka tukuna. Idan Tamale ta zo maka a rai kuma ba ka gan ta a jerin ba, ka samu hujja. Amma "ban gane ko ɗaya a ciki ba" daban yake da "na san duk ƙarya ne". Rashin sani ba hujja ba ne.

A lissafi abin ya fi haɗari. An ce: nawa ne kashi 15 cikin ɗari na sidi 240? A, 24. B, 32. C, 38. D, babu ko ɗaya. Yaro ya yi aiki ya samu 36, ya duba bai gani ba, sai ya ɗauki 38 wai ita ta fi kusa. Ya yi asarar makin da ya riga ya samu. Wani kuma, a wata tambayar, zai yi kuskuren ninkawa, ya rasa amsarsa a jerin, ya ruga zuwa D da murna. Maganin duka biyun ɗaya ne: kafin ka taɓa "babu ko ɗaya", sake lissafin ta wata hanya dabam. Kashi 10 na 240 shi ne 24, kashi 5 rabin wannan ne, wato 12, a haɗa 36. Hanya biyu sun ba da abu guda, to D ce. Sai dai idan tambayar ta ce a kawo amsa mafi kusa, a nan ne kawai ake neman ta kusa.

Akwai wurare biyu da ƙirgar nan ke buƙatar kula. Na farko, tambayar da aka juya. Wanne ne ba ya cikin shika-shikan Musulunci? A, salla. B, zakka. C, azumi. D, babu ko ɗaya. Kowane ɗan makarantar allo ya san ukun suna ciki, amma a ɗakin jarrabawa kai yakan juye. Dabarar ita ce a mayar da kowane zaɓi cikakkiyar jimla. "Salla ba ta cikin shika-shikan Musulunci": ƙarya. Zakka, ƙarya. Azumi, ƙarya. Uku sun faɗi, D ta tsaya.

Na biyu, idan akwai zaɓi irin "A da B kawai" tare da "duk na sama", kamar yadda ake gani a tambayoyi masu zaɓi biyar. A nan gaskiya biyu ba su isa ba, tunda gurbi biyu ne ke iya ɗaukarsu. Dole ka yanke hukunci a kan C: idan gaskiya ce, "duk na sama", idan ƙarya ce, "A da B kawai".

Masana tsara jarrabawa sun daɗe suna ba malamai shawarar rage amfani da "duk na sama", saboda mai rabin sani yana iya cin makinta ta wannan ƙirga. Duk da haka tana nan a gwajin aji da jarrabawar gwaji. Iyaye da yayye masu zama da yara da dare, ku gwada wannan: ku ba yaro tambaya goma irin waɗannan, kada ku karɓi harafi kawai. Ku ce ya nuna alamar da ya sa wa A, B da C, ya faɗi dalilin kowace. Inda ya sa "ban sani ba", nan ne karatun gobe zai fara.