Dutsen da Ke Lanƙwasa Ba Tare da Ya Narke Ba

A jihar Kaliforniya ta Amurka akwai wata doguwar tsaga a ƙasa mai suna San Andreas, tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,200. Ɓangarorin ƙasa biyu ne ke gogar juna a kanta, ɗaya na wuce ɗaya da 'yan santimita kaɗan a shekara. Ita ce ta motsa a 1906 ta rushe birnin San Francisco. Wani abin da na'urorin auna girgizar ƙasa suka daɗe suna nunawa a wurin shi ne, kusan duk girgizar na tasowa ne daga zurfin da bai wuce kilomita 15 ba. Ƙasa da nan shiru, alhali can ma motsin bai tsaya ba.

Mutane da dama za su ce ai dutsen can ƙasa ya narke ne. Ba haka ba ne. Da za a ciro shi a doke shi da guduma, da ya yi ƙara kamar kowane dutse. Abin da ya sauya shi ne yadda yake amsa matsi.

A saman ƙasa, kowane dutse cike yake da ƙananan tsagu da ido ba ya gani. Idan aka matsa masa, ƙarfin kan taru a bakin waɗannan tsagu, su buɗe, su haɗu da juna, dutsen ya ɓalle lokaci guda. To amma tsaga ba ta buɗewa sai ta sami sarari. A zurfin kilomita 10, nauyin dutsen da ke sama ya ninka matsin iskar da muke shaƙa kimanin sau 2,700, kuma ta kowane gefe yake danna shi. Wani masani mai suna Theodore von Kármán ya gwada wannan a 1911 da dutsen marmara na Carrara. Da ya matsa shi a fili sai ya tarwatse. Da ya kewaye shi da ruwan da ke danna shi ta ko'ina, sai dutsen ya gajarce, ya kumbura ta tsakiya, bai fashe ba.

Danniya kaɗai dai ba ta wadatar ga dutse irin giranit. Hasali ma ƙara masa ƙarfi take yi. Sai zafi ya shigo. A yawancin wurare zafin ƙasa na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas duk kilomita guda. A lissafa da 25: idan saman ƙasa na digiri 15, a kilomita 12 an kai 315. Wannan adadi ba na banza ba ne, domin ma'adinin kwaz, wanda ke da yawa a cikin giranit, yana fara laushi ne a wajen digiri 300, tun da sauran nisa kafin ya narke. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga irin wannan: ƙarfe ya yi ja, ya bi guduma, amma bai zama ruwa ba. A cikin ƙwayar kwaz, ƙwayoyin zarra a jere suke sahu-sahu, kuma sahun ba ya rasa 'yan kurakurai. Zafi na ba kurakuran damar matsawa taki ɗaya bayan ɗaya, haɗi ɗaya ya tsinke wani ya ƙullu nan take. A haka ƙwayar ke sauya siffa ba tare da ta rabu ba. Ɗan ruwa kaɗan a cikinta na ƙara sauƙaƙa wannan, kamar yadda wasu masana biyu, Griggs da Blacic, suka nuna a 1965.

Sai kuma lokaci, wanda a ganina shi aka fi mantawa. Wannan tafiya ta ƙwayoyin zarra tana da nawa ƙwarai. Dutsen da zai miƙe cikin shekaru dubbai zai iya karyewa idan aka fizge shi cikin daƙiƙa. A San Andreas, ɓangaren ƙasa mai zafi na ja a hankali kullum, na sama mai sanyi kuwa ya maƙale, ƙarfi na taruwa a kansa shekara da shekaru har ya suɓuce. Girgizar ke nan.

Iyakar da ke tsakanin dutsen da ke karyewa da wanda ke lanƙwasa ba layi ɗaya ba ce a duniya. Ma'adinin felsifa sai ya kai wajen digiri 450 yake laushi, kuma inda ƙasa ta fi sanyi iyakar kan yi ƙasa sosai. Inda ɓawon teku mai sanyi ke nutsewa cikin ƙasa, kamar a yankin Tonga, ana samun girgiza har kusan zurfin kilomita 700, kuma masana na muhawara har yanzu kan yadda dutse ke suɓucewa a irin wannan danniya.

Ana gane ko karyewa ce ta faru ko lanƙwasa daga jikin dutsen. Wanda ya karye a sama yakan bar ɓaraguzai masu kaifi da gari a cikin tsagar. Wanda ya gudana a ƙasa kuwa ƙwayoyinsa sun miƙe sun zama siraran zane, wasu sun nannaɗe. Akwai irinsa a tsofaffin duwatsun Kaduna da Zamfara, waɗanda suka lanƙwashe a zurfi kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, kafin zaizaya ta kwashe abin da ke kansu. Yau mai fasa dutse a kwari na sa musu guduma su tsage kamar kowane dutse, domin zafin da danniyar duk sun tafi.