Minti Huɗu Kafin Malam Ya Karɓi Makirufo

A walimar bankwana da malamin da ya yi ritaya, wanda aka ɗora wa gabatar da babban baƙo yakan ɗauka cewa aikinsa karanta tarihi ne. Sai ka ga ya zaro takarda shafi uku, tun daga ranar haihuwa har ƙarin girma na ƙarshe, jama'a kuwa sun koma kallon waya. Minti huɗu sun isa, domin kowa a wurin ya san Malam. Abokan aiki sun san shi a ofishin malamai, tsofaffin ɗalibai sun san shi da alli a hannu. Aikin mai gabatarwa shi ne ya nuna wa kowane ɓangare abin da ɗayan ya gani.

Shirin yana farawa kwanaki kafin taro. A je gida a gaishe shi, a tabbatar da shekarar da ya kama aiki, da makarantun da ya koyar, da yadda yake so a kira shi: Malam ne, ko Alhaji, ko yana da sarauta. A kula da lissafin shekaru musamman. Dokar tarayya ta 2022 ta mayar da ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35, amma ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita lokaci ɗaya ba. Wanda ya yi cinke, Malam zai gyara masa a gaban mutane.

Ɗauki misalin malamin lissafi. Bayan sallama da gaida shugaban taro, da hakimi in ya halarta, da firinsifal, sai a taƙaita tarihin a jimla biyu: inda ya fara da inda ya ajiye alli. Sauran lokacin na labari guda ne, wanda mai magana ya gani da idonsa. Idan Malam yakan tsaya bayan an tashi yana bitar darasi da 'yan ajin ƙarshe kafin jarabawar WAEC, ba tare da karɓar ko kwabo ba, a faɗi ajin, a ce waɗanda suka zauna a ciki su miƙe. Mutum goma a tsaye sun fi "gwarzo" da "haziƙi" nauyi.

Maganar bulala tana sa dariya, amma wani ɗalibin har yau bai huce ba, don haka a bar ta. Haka kukan jinkirin fansho da garatuti: gaskiya ne mai ciwo, sai dai Malam ne ke da ikon tayar da shi. A kuma guji "ya kasance mutumin kirki", lafazin zaman makoki ke nan, alhali mutumin yana zaune kusa da iyalinsa.

Daga nan sai addu'ar lafiya da hutu mai albarka, a ambaci cikakken sunansa, a ce "Malam, bismillah", a miƙa masa makirufo da hannu biyu, a koma a zauna.