Hasashe Biyu Sun Saɓa, Wanne Za a Bi?

A ce jami'in gona ne yake shirin raba iri da taki kafin faɗuwar damina, sai ga hasashe biyu a kan teburinsa. Ɗaya ya ce ruwan bana zai kai milimita 860, ɗayan ya ce 720 ne. Kowanne daga tsarin lissafi na kwamfuta ya fito, kuma ƙwararru ne suka gina su. Abin da zai fara zuwa wa kowa a rai shi ne a duba wanda ya fi dacewa da gaskiya a shekarun baya, a riƙe shi, a watsar da ɗayan. To amma masu binciken hasashe sun shafe fiye da shekara hamsin suna cin karo da wani abu daban. Sau da yawa idan aka tara lambobin biyu aka raba biyu, abin da ya fito yakan fi wanda ake ganin shi ne gwani kusantar gaskiya.

Masana biyu na Jami'ar Nottingham a Ingila, John Bates da Clive Granger, su ne suka kafa harsashin wannan magana a wata maƙala da suka buga a 1969. Granger ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2003. Sun ɗauki adadin fasinjojin jiragen sama na ƙasa da ƙasa, wata bayan wata, suka dubi hanyoyi biyu da aka yi hasashensa da su. A ma'aunin kuskuren da suka yi amfani da shi, hanya ɗaya ta samu 196, ɗayar 188, kuma ƙaramar lamba ita ce ta fi kyau. Da suka haɗa su rabi da rabi, sai kuskuren ya sauko zuwa 150. Ba su ƙara wani sabon bayani ba, abin da ke hannu kawai suka gauraya.

Don a ga yadda hakan ke faruwa, bari mu koma kan jami'in gonarmu da lambobin da na tsara domin misali. Mu ɗauka ruwan da aka auna a tashar garinsu cikin shekara huɗu shi ne milimita 800, da 700, da 900, da 750. Tsari na farko ya yi hasashen 860, da 660, da 950, da 700. Ya kauce ke nan da 60, da 40, da 50, da 50, wato kusan milimita 50 a kowace shekara. Tsari na biyu ya ce 720, da 760, da 970, da 820. Nasa kuskuren 80 ne, da 60, da 70, da 70, wato milimita 70 a shekara. Duk wanda ya ga wannan zai ce na farko ya fi, kuma bai yi ƙarya ba.

Yanzu a haɗa su. A shekarar farko, 860 da 720 sun ba da 1,580, rabinsa 790, ruwan kuwa 800 ya sauka. Kuskuren ya koma 10 kacal. Dalili a fili yake: na farko ya zarce gaskiya, na biyu ya gaza ta, gaskiyar tana zaune a tsakaninsu, sai zarcewar wannan ta cinye gazawar wancan. Haka aka yi a shekara ta biyu da ta huɗu, inda matsakaicin ya ba da 710 da 760, kowanne ya kauce da 10. Shekara ta uku ce ta bambanta, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A nan dukansu biyu sun zarce, 950 da 970 alhali ruwan 900 ne. Matsakaicinsu 960, kuskure 60. Bai kai na farko kyau ba, amma bai kai na biyu muni ba. Idan aka tattara shekarun huɗu, kuskuren haɗin bai kai milimita 23 a shekara ba, ƙasa da rabin na gwanin.

Abin da misalin ya nuna doka ce ta lissafi. Idan gaskiya ta faɗo tsakanin hasashe biyu, matsakaicinsu yana cin riba mai yawa. Idan ta faɗo a waje, dukansu suka kauce ɓangare guda, kuskuren matsakaicin yakan tsaya a tsakiyar kuskurensu, ba ya wuce nan. Wato a shekara mai kyau ka ci, a shekara marar kyau ba ka faɗi ƙasa warwas ba. Shi ya sa tsari na biyu, duk da rauninsa, yake da amfani: yana kuskure a inda na farko ba ya yi. Jefar da shi asarar bayani ne.

Sai dai na shirya lambobin nan ne yadda abin zai fito sarai, kuma a zahiri ribar ba ta cika kaiwa haka ba. Girmanta ya dogara ga yadda kurakuran tsare-tsaren suke tafiya tare. Idan tsari biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma kuskuren wannan ba shi da alaƙa da na wancan, haɗa su yana rage kuskure da kusan kashi 29 cikin ɗari. Idan huɗu ne irinsu, ya ragu da rabi. Amma idan kusan kullum tare suke zarcewa tare suke gazawa, ragin ba zai wuce kashi biyu ko uku ba. Tsari goma da aka gina a kan bayanai ɗaya da tunani ɗaya, tamkar shaidu goma ne da duk a bakin mutum guda suka ji labari.

Wani zai ce, to ai a misalin nan mun san na farko ya fi, me zai hana a ba shi kaso mai tsoka, a ce kashi 70, na biyu ya ɗauki 30? Tambaya ce mai ma'ana, kuma Bates da Granger da kansu sun kawo hanyoyin raba kaso bisa kuskuren da kowane tsari ya yi a baya. A takarda, wannan ya kamata ya fi rabo daidai wa daida. A aikace kuwa, sau da dama ba ya fi. James Stock da Mark Watson, masana tattalin arziki a Amurka, sun gwada haka a 2004 da hasashen bunƙasar tattalin arzikin ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, suka tarar hanyoyin haɗi mafi sauƙi suna yin daidai da masu sarƙaƙiya ko su fi su. Abin ya ɗaure wa masana kai har suka riƙa kiransa wasa ƙwaƙwalwa.

Amsar tana cikin ƙarancin tarihi. Kason da za a ba kowane tsari ba daga sama yake saukowa ba, ƙiyasta shi ake yi daga shekarun da suka wuce, kuma ƙiyasi yana zuwa da nasa kuskuren. Shekara huɗu ba su isa a ce fifikon tsari na farko ƙwarewa ce ba. Mai yiwuwa ne shekarun sun zo da irin yanayin da ya fi iyawa, idan ruwan teku ya canja zafi a baɗi kuma na biyu ya shige gaba. Wanda ya zaɓi gwani ɗaya ya ɗora dukan kayansa a kan wannan ɗan gajeren tarihi. Wanda ya raba kaso 70 da 30 ya ɗora wani ɓangare. Mai matsakaici bai ƙiyasta komai ba, don haka babu kuskuren ƙiyasi da zai biya. Ɗan abin da ya rasa na rashin fifita gwani yakan gaza abin da sauran suka rasa wajen kuskuren gane waye gwanin.

Gasar hasashe da ake kira M4, wadda Spyros Makridakis ya jagoranta a 2018, ta nuna ɓangarorin biyu a lokaci guda. An ba masu gasa jerin alƙaluma 100,000 na kasuwanci, kuɗi, masana'antu da yawan jama'a, aka ce su hango gaba. Cikin hanyoyi 17 da suka fi dacewa, 12 haɗe-haɗe ne. Masu shirya gasar sun ajiye ma'auni mai sauƙi, matsakaicin tsofaffin hanyoyi uku, kuma cikin hanyoyi shida da suka dogara kacokan ga koyon na'ura babu wadda ta doke shi. Amma hanyar da ta zo ta biyu a gasar rabon kaso ta yi, ta kuma wuce matsakaicin, saboda tana da dubban jeri da za ta koyi rabon daga gare su. Inda tarihi ya yi yawa haka, fifita wani tsari yana biya. Mai shekara goma ko ashirin na alƙaluman damina ba ya cikin wannan sahu.

Akwai wuraren da matsakaici ke cutarwa, kuma ya kamata a san su. Idan tsari ɗaya ya lalace ya ba da lambar da ta fita hankali, zai ja matsakaicin duka zuwa gare shi. Hasashe biyar na 760, 780, 800, 810 da 1,500 suna ba da 930, lambar da huɗu daga cikinsu ba su kusance ta ba. Maganinsa a jera su daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wato 800, ko a cire na sama da na ƙasa kafin a raba. Haka nan matsakaici yana daddanne abin da ya wuce kima. Idan tsari ɗaya ya hango ambaliya sauran ba su gani ba, haɗin zai nuna ruwa madaidaici, alhali mai gina madatsa ko mai gida a bakin kogi wannan gargaɗi guda shi ya fi buƙata. Masu bin sawun guguwar teku a Amurka suna amfani da matsakaicin hanyoyin da tsare-tsare da dama suka zana, kuma sun san matsalarsa: idan rabi suka ce guguwa za ta karkata gabas, rabi suka ce yamma, layin tsakiya zai bi ta inda babu tsarin da ya ce za ta bi.

Gane ko haɗin yana aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A buɗe littafi, a rubuta abin da kowane tsari ya faɗa kafin lokaci, da matsakaicinsu, da abin da ya auku. Bayan an tara, a ƙirga sau nawa gaskiya ta faɗo tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan tana yawan faɗowa ciki, tsare-tsaren sun bambanta yadda ake so. Idan kullum tana sama da su duka ko ƙasa da su duka, to makanta ɗaya suke da ita, kuma ƙara irinsu ba zai gyara ba. Sai a nemo tsarin da ke kallon abin ta wata fuska, ko a gyara karkatar tukuna.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Kowace shekara kafin damina, cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suna tara masana yanayi na ƙasashen Sahel a taron PRESASS, su dubi sakamakon tsare-tsare daban-daban su fitar da matsaya guda. Don haka idan ka ji an sanar da hasashen damina, ko na farashi, ko na amfanin gona, tambayi mai sanarwar tsari nawa aka haɗa, ko daga tushe ɗaya suke, da kuma nisan da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan nisan yana da faɗi, yi shirinka yadda zai ɗauki ɓangarorin biyu, kada ka tsaya kan lambar tsakiya kaɗai.