Gaskiya ko Jita-jita: Masu Sayar da "Wasan da Aka Saya"

A gidajen kallon ƙwallo da shagunan caca na Zuru, da wuya a yi mako guda ba ka ji wani matashi yana raɗa wa abokinsa cewa ya samu wani "oga" a Telegram ko WhatsApp mai sanin sakamakon wasa tun kafin a hura usur ba. Wai an saye alƙalin wasa ko mai tsaron raga, abin da ya rage kawai ka tura kuɗi a ba ka sakamakon, ka je ka zuba. Ɗalibai da 'yan acaɓa da ƙananan ma'aikata duk suna faɗawa. Bari mu ɗauki maganganun da ake yi mu auna su.

"Ai da gaske ana sayen wasa."

Wannan gaskiya ne, kuma a kanta maƙaryacin yake tsayawa. A watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa rukuni da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. A watan Yuni na 2011, a Abuja, Najeriya tana gaban Ajantina da ci huɗu, sai alƙalin wasa Ibrahim Chaibou ɗan Nijar ya bar wasa ya zarce lokacin da aka ƙara, ya ba Ajantina bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka tashi 4 da 1. Kafin nan an ga kuɗi suna kwarara a kan cewa za a ci ƙwallo ta biyar. A 2019 FIFA ta dakatar da shi har abada bisa laifin karɓar cin hanci.

To amma lura da yadda asiri ke tonuwa: ta hanyar kuɗin da aka zuba. Akwai kamfanoni irin su Sportradar da aikinsu shi ne sa ido a kan yadda caca ke gudana a duniya. Da zarar kuɗi masu yawa sun taru a kan sakamako guda a wasan da bai kai ya kawo ba, kamfanin caca zai rage ribar da yake biya, ko ya rufe wasan, ko ya riƙe kuɗin har a yi bincike. Don haka wanda ya kashe miliyoyi ya sayi alƙali, babban abin da yake tsoro shi ne labari ya bazu. Duk mutum ɗaya da ya ƙara sani, ribarsa ce ke raguwa, kurkuku kuma yana matsowa. Irin wannan mutumin ne zai buɗe zaure a Telegram yana neman dubu biyar a hannun wanda bai taɓa gani ba? In mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa.

"Amma ya ba ni sau uku kyauta, duk sun shiga."

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu hankali ma suke ruftawa, domin idonsu ne ya gani. Ga yadda ake yi. Wasan ƙwallo hanya uku yake ƙarewa: mai gida ya ci, baƙo ya ci, ko a yi canjaras. Mu ƙaddara mutumin ya tara lambobin waya 810. Ranar Asabar sai ya kasa su uku. Ya ce wa 270 mai gida zai ci, ya ce wa 270 baƙo zai ci, sauran 270 ya ce musu canjaras. Ko me ya faru a fili, dole kashi ɗaya ya dace. Sai ya watsar da 540, ya riƙe 270.

Wasa na biyu ya kasa su casa'in-casa'in, ya sake yin haka, mutum 90 suka tsira. Wasa na uku ya kasa su talatin-talatin. Yanzu akwai mutum 30 da suka ga "oga" ya faɗa daidai sau uku a jere, kuma babu wanda zai iya gaya musu ƙarya ne. Su ba su san da sauran 780 ba. Bai san komai a kan wasannin ba, ƙila ko kallonsu bai yi ba.

Sai a zo ga girbi. Saƙo zai shigo cewa akwai babban wasa ranar Lahadi, na 'yan ciki ne, naira dubu ashirin kafin a faɗa. In duka talatin ɗin suka biya, ya haɗa dubu ɗari shida. Abin takaicin ma, asarar ba ta tsaya nan ba, domin wanda ya sakankance ba ɗari biyu yake zubawa ba. Kuɗin makaranta ne, ko na taki, ko buhun dawa da aka fitar aka kai kasuwa. Kuma ko a wannan zagaye mutum goma za su sake dacewa, su ne za su shiga gari suna rantsuwa, suna jawo masa sababbin mutane ba tare da ya biya su ko sisi ba.

"Na ga hoton tikitin da ya ci, da shaidar mutane."

Hoton fuskar waya ba hujja ba ce. Sauya lambobi a jikinsa aikin 'yan mintuna ne. Wani kuma yana yankan tikiti na gaske da ƙaramin kuɗi a kan sakamako daban-daban, ya nuna wanda ya ci, ya ɓoye sauran. A zauren Telegram mai shi yana iya goge duk hasashen da ya faɗi, in ka shigo daga baya sai ka tarar da nasara zalla. Masu rubuta "na gode oga" kuwa, sau da yawa shi ne da wasu layukansa. Gwada tambaya ɗaya mai ɗan zafi a zauren, ka ga ko za ka kwana a ciki.

"Ya ce sai na ci zan biya, ina cutar?"

Cutar tana nan. Shi ba ya zuba komai. In ya raba hasashe ga mutane da yawa, waɗanda suka dace za su turo masa kasonsa, waɗanda suka faɗi aljihunsu ne ya ƙone. Wasu kuma suna ba ka hanyar rajista ta musamman zuwa wani kamfanin caca, suna samun la'ada a kan masu shigowa ta hannunsu. In wasan da ka saya ya faɗi, za ka ji wai an canja alƙali a ƙurarren lokaci, ka ƙara rabin kuɗi a ba ka na ramuwa. Wannan zagaye na biyu ne na damfara ɗaya.

Abin da ke ba su ƙarfi shi ne shirun wanda aka cuta. Caca abin kunya ce a gidajenmu, Musulmi da Kirista, ga shi kuma mutum ya san abin da ya je saya ba na halal ba ne, sai ya haɗiye. Amma karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a dokar ƙasa, ko me aka ce za a sayar maka. In ya riga ya faru, kada ka ƙara tura ko kwabo. Ajiye saƙonnin da rasit ɗin tura kuɗi, ka sanar da bankinka da wuri, ka kai ƙorafi ga 'yan sanda ko EFCC. Sannan ka gaya wa abokin da kai ka tura masa lambar "ogan", tun kafin Asabar ta zagayo.